Ƙusa a Fuskar Taya da Rauni a Gefenta: Wanne Ke Karɓar Faci, Wanne Ke Bukatar Sabuwar Taya

A ɗauki mota guda mai tayoyi masu lamba 205/55 R16, wadda biyu daga cikin tayoyinta suke rage iska a lokaci ɗaya. A ta baya an samu ƙusa mai kaurin milimita 4 ta nutse har kai a fuskar tayar, wato wurin zanen da ke taka ƙasa, kuma iska tana fita ta nan sosai, ta yadda cikin kwana guda tayar takan kwanta. A ta gaba kuwa wata 'yar waya ce ta soke ta a gefe, kusa da inda aka rubuta lambar tayar, hujin bai kai milimita 2 ba, kuma sai an shafa ruwan sabulu an zuba ido kafin a ga 'yan kumfa suna tasowa ɗaya bayan ɗaya. Mai motar, idan aka bar shi da tunaninsa, zai ce ta gaban ce mai sauƙi, tunda hujinta ne ƙarami kuma yoyonta ne kaɗan. Mai facin da ya san aikinsa zai ce masa akasin haka: ta baya za ta gyaru ta ci gaba da aiki har zanenta ya ƙare, ta gaba kuwa kwananta ya ƙare, sai dai a sauya ta. Mutane da yawa sukan ɗauki wannan magana a matsayin dabarar sayar musu da sabuwar taya, alhali dalilinta yana cikin yadda aka gina tayar kanta.

Abin da ya kamata a fara ganewa shi ne, ba roba ce ke riƙe taya ba. Robar da muke gani daga waje sutura ce kawai, aikinta shi ne ta kama titi, ta kuma kare abin da ke ciki daga ruwa da rana. Daga can ciki akwai wata shimfiɗar roba siririya ta musamman wadda iska ba ta ratsa ta da sauƙi, ita ce ta maye gurbin tib a tayoyin zamani. Tsakanin waɗannan biyun ne ƙarfin tayar yake, a cikin ɗaruruwan zaruruwa masu ƙwari da aka jera kusa da juna, kowannensu ya taso daga bakin tayar na wannan ɓangare inda ta kama rim, ya hau gefe, ya ratsa ƙarƙashin fuska, ya sauka ta ɗaya gefen har ya naɗe a wayar ƙarfen da ke ɗaya bakin. Wannan tsari shi ne abin da harafin R na cikin lambar tayar yake nufi, kuma kamfanin Michelin ne ya yi masa rajista a 1946. Idan aka hura iska, waɗannan zaruruwa ne suke miƙewa su ɗaure tamau, su ne kuma suke hana tayar kumbura ta fashe. Saboda haka duk wata tambaya a kan gyaran taya tana komawa ne ga abu ɗaya, wato me ya sami zaruruwan, kuma akwai abin da zai ɗauke musu nauyi idan wasu sun tsinke ko babu.

A fuskar taya akwai mai ɗauke musu. Ƙarƙashin zanen, a bisa waɗancan zaruruwa, akwai ɗamarar wayoyin ƙarfe, galibi shimfiɗa biyu, waɗanda aka jera a karkace, ta sama ta kalli wannan gefe, ta ƙasa ta kalli wancan, ta yadda suka gitta juna kamar saƙa. A tayoyi da yawa kuma akan ƙara wata shimfiɗar zaren nailan a bisansu don ta riƙe su a lokacin gudu. Wannan ɗamara ta mai da fuskar taya wuri mai kauri da tauri, wanda ba ya miƙewa kuma ba ya lanƙwasa sai kaɗan. Idan ƙusa ta shiga nan, sau da yawa tana bi ne ta tsakanin wayoyin ta ture su gefe, ko kuma ta tsinka ƙalilan daga cikinsu. Nauyin da waɗanda suka tsinke suke ɗauka sai ya watsu a kan na kusa da su da kuma na ɗaya shimfiɗar da ta gitta su. Ramin yana nan a yadda yake, zagayayye, bakinsa ba ya buɗewa ba ya rufewa, domin ƙarfe ya kewaye shi ta ko'ina. Abin da tayar ta rasa iska ce kawai, ƙarfinta yana nan, kuma toshe hanyar iska shi ne aikin da faci ya iya.

Akwai wani ɗan lissafi da yake taimakawa a nan. Tayar ƙaramar mota takan ɗauki iska kimanin 32 psi, wanda ya yi daidai da nauyin kilo biyu da kwata a kan kowace murabba'in santimita. Rami mai faɗin milimita 6 bai kai kashi ɗaya cikin uku na murabba'in santimita ba, don haka ƙarfin da iska take tura abin da aka toshe ramin da shi bai kai nauyin kilo ɗaya ba. Wannan ba wani abin tsoro ba ne ga roba da gam. Idan kuma an manna faci daga ciki, iskar ma danna shi take yi a jikin tayar, ba ɓamɓare shi ba. Ke nan ba matsin iska ne ke kashe faci ba, motsin wurin da aka manna shi ne, kuma a nan ne fuskar taya da gefenta suka rabu.

Gefen taya an yi shi ne musamman don ya lanƙwasa. Babu ɗamarar ƙarfe a wurin, daga roba siririya ta waje sai shimfiɗar zare ɗaya ko biyu, sai kuma shimfiɗar riƙe iska ta ciki. Duk wanda ya taɓa kama tayar da aka cire daga rim ya san yana iya matsa gefenta da hannu ya lotsa, alhali fuskarta ko ya taka ta da ƙafa da ƙyar za ta motsa. Idan aka dubi mota a tsaye, za a ga ƙasan kowace taya ya ɗan bultso ta gefe, wannan shi ne lanƙwasar da nauyin mota ya jawo, kuma da ita ce tayar take shanye gargadar hanya. Da zarar motar ta fara tafiya, kowane ɓangare na gefen tayar sai ya bi ta wannan wuri ya lanƙwashe, sannan ya miƙe idan ya juya sama. Tayar da muka ɗauka misali tana da tsayin kimanin milimita 632 daga ƙasa zuwa sama, kewayenta kuma ya kusa mita biyu, saboda haka tana juyawa sau ɗari biyar da 'yan kai a kowace kilomita. A gudun kilomita 100 cikin awa, gefenta yana lanƙwasa yana miƙewa kimanin sau 14 a kowace daƙiƙa, kuma tafiyar kilomita 500 ta ishe shi yin haka fiye da sau 250,000. Duk wanda ya taɓa karya waya ta hanyar lanƙwasa ta gaba da baya ya ga abubuwa biyu da wannan motsi ke haifarwa, wato zafi da gajiyar abin da ake lanƙwasawa. Lafiyayyen gefen taya yana jure wannan shekara da shekaru saboda zaruruwansa duka suna aiki tare, babu wanda aka ɗora wa fiye da rabonsa.

To a koma ga tayar gaba mai ƙaramin huji. Wayar da ta soke ta ba za ta ratsa ta fita ciki ba tare da ta taɓa zaren ba, domin a jere suke kusa da juna ƙwarai. A ce ta tsinka biyu ko uku. Waɗannan sun daina aiki har abada, kuma tunda duk zaruruwan gefe suna tafiya ne a layi ɗaya babu wata shimfiɗar ƙarfe da ta gitta su, nauyinsu zai faɗa ne kai tsaye a kan zaren da ke dama da ramin da wanda ke hagu da shi. Su kuma waɗannan, bayan ƙarin nauyin da suka ɗauka, ana lanƙwasa su sau 14 a daƙiƙa a daidai wurin da robar da ke riƙe da su ta riga ta yage. Idan suka gaji suka tsinke, na kusa da su za su gaji nauyin zare huɗu ko biyar, su kuma ba za su daɗe kamar na farko ba. Abin ya yi kama da buhu mai cike da kaya wanda saƙarsa ta ɗan yage, yakan daɗe yana riƙe da 'yar ɓarakar, amma ranar da za ta ƙarasa, a lokaci ɗaya take tsagewa daga sama har ƙasa. Shi ya sa lalacewar gefen taya ba ta cika zuwa da sallama ba. Facin fuska idan ya gaza, yawanci yoyo ne yake dawowa a hankali har mai mota ya lura tayar tana rage iska. Gefe kuwa idan ya gaza, fashewa yake yi, kuma ya fi yin haka a lokacin da tayar ta yi zafi, motar tana gudu, an kuma yi mata lodi, wato daidai lokacin da direba ba shi da sararin gyara kuskure. Idan tayar gaba ce, motar takan fizgi sitiyari zuwa ɓangaren da ya fashe, idan ta baya ce kuma, bayan motar ne yake neman ya wutsilo.

Faci ba ya ɗinke zaren da ya tsinke, kuma wannan ita ce maganar da ta fi wahalar karɓa ga wanda ya ga an manna faci a gefe, an hura iska, an tsoma tayar a ruwa ba a ga kumfa ko ɗaya ba. Gwajin ruwa yana nuna cewa iska ba ta fita a wannan lokacin da tayar take a tsaye ba nauyi ba zafi, ba ya faɗin komai a kan ƙarfin ginin. Idan igiyar roba mai danƙo aka cusa a ramin gefe, matsalar ta ƙaru, domin kafin a cusa ta sai an zura ƙarfe mai kaushi an faɗaɗa ramin, wanda a gefe yana nufin tsinka ƙarin zare da hannunka. Ban da haka naman wurin ba shi da kaurin da zai riƙe igiyar, kuma ramin yana buɗewa yana rufewa da kowace juyawa har ya tauna ta ya tofar. Idan kuma facin ciki aka manna, shi ma yana kan wurin da ke lanƙwasa ne, ya fi kewayensa tauri, don haka lanƙwasar takan taru a bakinsa, zafi ya ƙaru a nan, gam ya fara saki daga gefe-gefe. Sanya tib a cikin tayar ma bai warware komai ba, domin tib riƙe iska kawai yake yi, matsin iskar yana nan yana tura bangon da ya riga ya yi rauni.

Ba duk raunin gefe ne ke zuwa da huji ba, kuma wanda ba ya yoyon shi ya fi yaudarar mutane. Idan mota ta faɗa rami da gudu ko ta daki dakalin bakin titi, gefen tayar yakan matse tsakanin bakin rim da abin da aka daka, zaruruwan ciki su tsinke alhali robar waje ba ta ko kwarzane ba. Bayan haka sai a ga wani ƙulu ya fito a gefen kamar rabin ƙwai. Wannan ƙulu alama ce cewa a daidai wurin babu sauran zaren da ke riƙe iska, roba ce kaɗai take fama da ita. Tayar tana iya riƙe iskarta cif-cif na makonni, mai ita ya ce ai lafiyarta ƙalau, amma a hukunci ba ta da bambanci da wadda aka yanka da wuƙa. Sai dai kada a rikita ƙulu da wani ɗan lotsawa da akan gani a gefen wasu tayoyi, mai kama da layi daga rim zuwa fuska wanda ya shige ciki maimakon ya fito waje. Wannan yawanci wurin da aka haɗa bakunan shimfiɗar zare ne a masana'anta, zaren ya ninku a nan, saboda haka wurin bai kumbura kamar sauran ba, kuma ba lahani ba ne. Haka nan idan dakali ya ɗan ɓantare robar waje ko ya kankare rubutun jikin tayar, ana iya ɗaga bakin yankan a hankali a leƙa. In dai ba a ga zare ba, wurin bai kumbura ba, iska kuma ba ta fita, to sutura ce kawai ta samu rauni, ana iya ci gaba da amfani da tayar ana sa mata ido. Da zarar an hango zare, ko da bai tsinke ba, ruwa zai same shi, kuma maganar ta koma ta sauyi.

Tsakanin fuska da gefe akwai kafaɗar taya, kuma a nan ne gardama ta fi yawa, domin ƙusar da ta shiga kafaɗa tana cikin zane, ga ido kuwa duk inda zane yake fuska ne. Amma ɗamarar ƙarfen ba ta kai ƙarshen zanen ba, a kafaɗa take ƙarewa, kuma bakin wayoyin nan yana cikin wuraren da suka fi ɗaukar zafi da wahala a duk jikin tayar. Daga ciki ma wurin a lanƙwashe yake, ta yadda faci ba zai kwanta sosai ba, rabinsa yana kan wuri mai tauri, rabinsa yana kan wuri mai motsi. Ƙa'idar gyaran taya ta Birtaniya mai lamba BS AU 159 ta kayyade wurin da ake yi wa irin wannan faci a tsakiyar fuska kawai, daga kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari na faɗin tayar gwargwadon girmanta. A tayar da faɗinta ya kai milimita 205, kashi 70 ya kama kimanin milimita 143, wato milimita 72 ta kowane ɓangare daga layin tsakiya. A aikace, ƙusar da ta shiga jerin zanen ƙarshe na waje, bayan babban kwarin da ya kewaye tayar, tana kan iyaka ko ta wuce ta, kuma ya kamata a auna, kada a yi kirdado. A kuma lura da cewa inda ƙusa ta fito ta ciki shi ne abin dubawa tare da inda ta shiga, domin doguwar ƙusa tana iya shiga a wuri mai kyau ta karkace ta ɓullo a kafaɗa.

Ƙusar tayar bayanmu tana da nisan kimanin milimita 30 daga tsakiya, don haka ta tsallake wannan sharaɗi. Ta tsallake na girma ma, domin iyakar da aka sani ga tayar ƙaramar mota ita ce milimita 6, kuma ƙungiyar masu ƙera tayoyi ta Amurka ita ma a kan wannan adadi ta tsaya. Ramin da ya wuce haka, ko yanka mai tsawo irin na gilashi ko faifan ƙarfe, ya tsinka wayoyi da yawa a jere, ta yadda ko a fuska ne sauran ba za su iya rufa musu asiri ba. Zanen tayar kuma dole ya kasance bai sauka ƙasa da milimita 1.6 ba, kuma kada sabon facin ya hau kan wani tsoho. Amma duk waɗannan daga waje ake ganinsu, hukuncin ƙarshe kuwa sai an cire tayar daga rim an leƙa cikinta.

Dalilin cire ta ya cancanci a tsaya a kansa, domin shi ne wurin da hujin fuska yake rikiɗewa ya zama raunin gefe ba tare da mai mota ya sani ba. Idan aka ci gaba da tafiya a kan tayar da iskarta ta ragu ƙwarai, gefenta yana ninkewa ne maimakon ya ɗan lanƙwasa, cikinsa yana gugar kansa, zafi yana tashi, kuma cikin 'yan kilomitoci kaɗan shimfiɗar ciki takan fara niƙewa. Na taɓa tsayawa a kan wani mai faci yana buɗe tayata bayan na lallaɓa da ita a kwance zuwa wurinsa, tafiyar da a ganina ba ta kai a yi maganarta ba. Ƙusar tana tsakiyar fuska sosai, ƙarama ce kuma, na riga na sa a raina aikin minti ashirin ne. Da ya cire tayar sai ya zura hannu ya ɗebo baƙin garin roba cike da tafinsa, sannan ya juya ta wajen haske ya nuna mini wani layi da ya kewaye cikin gefen gaba ɗaya, inda robar ta yamutse ta yi laushi. Ya ce, “Malam, ƙusar ba ita ta kashe tayar nan ba, tafiyar da ka yi a kanta ce.” Da igiya kawai ya cusa daga waje, da tayar ta riƙe iska, da kuma na hau babban titi da gefen da ya riga ya ƙone ta ciki. Wani lokaci akan ga alamar wannan daga waje, wani layi mai duhu ko gogewa da ya zagaye gefen, amma ba kullum ba.

Idan cikin tayar ya fito tsaf, gyaran da ya dace yana yin aiki biyu, yana cike ramin kuma yana rufe shimfiɗar ciki. Mai faci zai zare ƙusar yana lura da yadda ta karkata, sannan ya bi ramin da ɗan ƙarfen huji a hankali, daga ciki da kuma daga waje, don ya share karyayyun bakunan waya ya mai da ramin sumul. Daga nan zai wanke kewayen ramin ta ciki, ya goge shi sama-sama har ya yi ɗan kaushi ba tare da ya kai ga zare ba, ya kwashe ƙurar, ya shafa gam a wurin da cikin ramin, ya bar shi ya sha iska har ya daina jiƙa yatsa. Facin da ake amfani da shi yana da siffar laima, wato faifan roba mai sanda a tsakiya. Ana zura sandar ta cikin ramin daga ciki, a jawo ta daga waje har faifan ya kwanta, sannan a bi shi da ɗan gargare ana dannawa daga tsakiya zuwa baki don kada iska ta maƙale a ƙarƙashinsa. Bayan an mayar da tayar an hura, sai a yanke abin da ya rage na sandar daidai da zane, a gwada da ruwan sabulu, a kuma daidaita nauyin tayar a kan na'ura. Idan ramin ya karkata sosai, fiye da kimanin digiri 25, faifan ba zai kwanta daidai ba idan yana haɗe da sanda, sai a yi amfani da su a rarrabe.

Kowane ɗaya daga cikin rabin nan biyu yana da dalilinsa. Facin ciki shi kaɗai yana tare iska, amma ya bar ramin a buɗe ta waje, ruwa ya riƙa shiga yana samun wayoyin ƙarfe, su yi tsatsa, roba ta saki jikinsu, bayan watanni a ga fuskar tayar ta kumbura ko motar ta fara rawa. Igiyar da ake cusawa daga waje ita kaɗai kuma tana cike ramin, amma ba ta rufe shimfiɗar ciki yadda ya kamata ba, iska tana iya kutsawa ta kewayenta ta shiga tsakanin shimfiɗu, kuma babban aibinta shi ne ana yin ta ba tare da an ga cikin tayar ba. Ba na cikin masu cewa igiyar ba ta da amfani, domin ga wanda taya ta kwanta masa a inda babu mai gyara, ita ce za ta fitar da shi, kuma da yawa sukan riƙe har tsawon lokaci. Amma matsayinta na wucin gadi ne, kamar ruwan toshe huji da wasu motoci ke zuwa da shi a madadin safaya, wanda shi ma hujin fuska kawai yake iya toshewa.

Akwai wanda zai ce ya ga ana gyara gefen taya a gasa shi da zafi, kuma gaskiya ne ana yi. A tayoyin manyan motoci, da na taraktoci, da na injinan haƙar ƙasa, akwai gyara na musamman inda ake yanke wurin da ya lalace, a cike shi da ɗanyen roba, a ɗora faci mai nasa zaruruwan wanda ya zarce raunin sosai ta sama da ƙasa, sannan a gasa da zafi da matsi da aka auna. Wannan aiki yana da iyakokin girman rauni da wurin da yake, kuma ana yin sa ne a kan tayoyi masu kaurin jiki, waɗanda da yawansu ba sa gudu irin na ƙaramar mota. Gefen tayar ƙaramar mota, wanda a misalinmu tsayinsa duka bai wuce milimita 113 ba, ba shi da fili ko kaurin da zai ɗauki irin wannan faci mai tauri ba tare da lanƙwasar ta koma bakinsa ba. Dasa ɗanyen roba a kan yanka a gasa shi, ba tare da an maye gurbin zaren ba, yana ɓoye raunin ne kawai, ya hana wanda zai duba tayar daga baya ya gan shi.

Saboda haka mai motar nan tamu zai yi wa tayar baya faci mai laima ya ci gaba da harkarsa, ta gaba kuma ya sauke ta nan take ya ɗaura safaya. Idan safayar siririya ce irin ta wucin gadi, yawancinsu an rubuta a jikinsu kada a wuce kilomita 80 cikin awa. Sabuwar tayar da zai saya ta zama girmansu ɗaya da sauran, kuma lambar nauyi da harafin gudu da ke bin bayan girman, kamar 91V, kada su gaza na asali, domin 91 yana nufin tayar za ta ɗauki kilo 615. Idan abokiyar zamanta ta ɗaya ɓangaren ta ci sosai, ya fi dacewa a sauya su biyun tare don kada birki da riƙon hanya su bambanta tsakanin dama da hagu, kuma a motocin da ƙafafunsu huɗu duka ke ja, littafin motar yakan faɗi iyakar bambancin zanen da aka yarda da shi tsakanin tayoyin. Ita kuwa tayar da aka sauke, kada a mayar da ita but a matsayin safaya, domin ranar da za a bukace ta za a ɗaura ta ne a tsakiyar tafiya, da lodi, a kuma hau titi da ita da gudu.